Yadda Ake Tsara Banar Tsaye da Teburin Baje Kaya a Kasuwar Baje Koli

Ƙaramin ɗan kasuwa da ya kama rumfa a kasuwar baje koli, irin wadda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA take shiryawa a filin baje koli na Titin Gidan Zu a Kano wajen ƙarshen shekara, ko wadda KADCCIMA take shiryawa a Kaduna, abubuwa biyu ne suke yi masa magana kafin ya buɗe baki: banar da ya kafa da teburin da ya jera. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Bana tana magana da mai wucewa da yake nesa da kamar mita biyar zuwa goma, wanda bai riga ya yi niyyar tsayawa ba, shi kuwa tebur yana magana ne da wanda ya riga ya tsaya. Duk abin da za a bayyana a nan a kan wannan rabon aiki ya ginu, kuma shi ya sa ake tsara su tare, domin tebur da kayan da ke kansa su ne suke tantance ɓangaren banar da ido zai iya gani.

Za mu bi misalin wata mai sana'ar yaji da garin kunun gyaɗa da man ƙuli, wadda take da tebur ɗaya da bana ɗaya a rumfa mai faɗin mita 3 da zurfin mita 3.

Kayan aiki

- Banar tsaye mai naɗewa, wadda masu ɗab'i suke kira rol-of: gindin ƙarfe mai sifirin a ciki, sanda mai gaɓa uku, da jakarta. Girman da aka fi samu shi ne faɗin santimita 85 da tsawon santimita 200.
- Kwamfuta mai shirin zane na CorelDRAW, wanda shi ne mafi yawan shagunan ɗab'i na Najeriya suke aiki da shi, ko kuma waya mai Canva.
- Tambarin sana'a da hotunan kaya na asali, kamar yadda suka fito daga kyamara.
- Tef na awo, alli, da takardun A4.
- Tebur mai ƙafa shida, wato kusan santimita 183 a tsawo, 76 a faɗi, 74 daga ƙasa.
- Yadi mara zane mai faɗin inci 60, yadi huɗu.
- Kwalaye masu ƙarfi ko akwatunan katako guda uku ko huɗu, faifai, ƙwarya ko kwando.
- Kati mai kauri na rubuta farashi, maka baƙa, salatif, fil, igiya, almakashi, tsumma, da ƙananan buhunan yashi guda biyu.

Mataki na 1: Ka san rumfarka kafin ka taɓa kwamfuta

Ka tambayi masu shirya kasuwar abubuwa huɗu: girman rumfar, ko a cikin zaure take ko a fili ƙarƙashin tanti, ko suna bayar da tebur da kujera, da kuma ko akwai wutar lantarki. Idan da hali, ka je ka ga wurin da idonka, ka lura da ta inda jama'a za su riƙa shigowa layin da kake, domin wajen nan ne fuskar bana za ta kalla. Tambayar zaure ko fili tana da nauyi ƙwarai, saboda banar naɗewa don cikin ɗaki aka ƙera ta, kuma kasuwannin Kano da Kaduna sukan faɗo a lokacin hunturu ko dab da ƙarshensa, lokacin da iska take kaɗawa da ƙura. Wanda rumfarsa take fili ya nemi bana mai faɗin gindi, wadda ta fi nauyi da tsada, maimakon mai siririn gindi da ƙafafu biyu masu juyawa.

Ka fara aikin aƙalla mako biyu kafin ranar buɗewa. A makon ƙarshe shagunan ɗab'i sukan cika da aikin sauran masu baje kaya, kuma a lokacin babu mai ba ka damar yin gwaji ko gyara kuskure.

Mataki na 2: Ka tace abin da za a rubuta

Wannan shi ne matakin da ya fi wahala ga mai sana'a, domin yana son ya faɗi komai: duk kayan da yake sayarwa, adireshin gida, lambobin waya uku, shafukan sada zumunta, da addu'ar fatan alheri. Mai wucewa kuwa kallo ɗaya yake yi, kuma abin da bai kama a wannan kallon ba ya wuce shi. Saboda haka ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwa uku kawai: sunan sana'a, abin da ake sayarwa cikin kalmomin da ba su wuce shida ko bakwai ba, da hanya ɗaya ta samunka.

A misalinmu, layin tsakiya zai zama "Yaji, Garin Kunu, Man Ƙuli", a ƙarƙashinsa kuma a ƙara "Sari da ɗai-ɗai" da ƙananan haruffa, domin a kasuwar baje koli akwai masu shaguna da suke zagayawa neman inda za su sari kaya, kuma wannan ɗan layin shi ne yake tsayar da su. Kalamai irin su "inganci shi ne takenmu" a bar su, domin rumfar da ke kusa da kai ma abin da ta rubuta ke nan, kuma ba sa gaya wa kowa abin da ke kan teburinka.

Akwai abubuwan da ba a sa wa a bana ko da akwai wuri. Kada a sa farashi, kada a sa kwanan watan kasuwar ko lambar rumfa, domin farashi yana sauyawa, kuma ana so banar ta yi aiki a wasu kasuwannin da taruka na gaba. Mai sayar da abinci ko kayan shafawa, idan yana da lambar rajistar NAFDAC, ya sa ta da ƙananan haruffa, amma kada ya rubuta cewa kayansa suna maganin wata cuta, kuma kada ya ari lambar wani. Game da harshe, ka zaɓi guda ɗaya ya zama babba. Idan kana son Hausa da Turanci duka, na biyun ya zo a ƙasa da rabin girman na farko, maimakon a ba su girma ɗaya su riƙa gasa da juna.

Mataki na 3: Ka raba tsawon banar bisa awo

Nemi ƙyauren ɗaki, domin girmansa ya yi kusa da na bana, ko ka zana murabba'in 85 da 200 a jikin bango da alli. Daga nan ka ja teburinka gabansa, ka ɗora kwalbar man ƙuli a kan kwali kamar yadda za ta zauna a ranar kasuwa, ka ja da baya taku bakwai ka duba. Za ka ga cewa tebur mai tsawon santimita 74, idan aka haɗa shi da kaya masu tsawon 35 zuwa 40, ya rufe duk abin da yake ƙasa da kusan santimita 110 zuwa 115. Ko da banar tana gefen tebur, ƙafafun mutane da ledojin da suke riƙe da su suna rufe ƙasanta a mafi yawan lokaci. A nan ne na saɓa da yawancin samfuran da ake samu a shirye cikin Canva da makamantansa, waɗanda suke ajiye lambar waya a can ƙasa: ni a ganina lambar waya ba ta da wurin zama ƙasa da santimita 115.

Ga yadda za a raba banar mai yajin, ana aunawa daga ƙasa:

- Daga 195 zuwa 170: tambari da sunan sana'a.
- Daga 170 zuwa 135: abin da ake sayarwa, a layi uku, wanda ya yi daidai da tsayin idon mutum a tsaye.
- Daga 135 zuwa 118: lambar waya guda ɗaya, da alamar WhatsApp a gefenta.
- Daga 118 zuwa 45: babban hoto guda ɗaya.
- Daga 45 zuwa ƙasa: garin da sana'ar take, lambar rajista, sannan launi zalla.

A bar santimita 5 a kowane gefe ba tare da rubutu ba. A sama, ƙarfen da ke riƙe banar yana cin santimita 2 zuwa 3. A ƙasa kuma, ana ƙara wa takardar zanen kamar santimita 10 na launin bango, wanda zai shige cikin gindin ƙarfen, don haka takardar da za ka buɗe a kwamfuta ta zama 85 da 210. Gindin kowane kamfani yana da ɗan bambanci, saboda haka ka tambayi mai ɗab'in awon da yake so kafin ka fara.

Mataki na 4: Haruffa da launi

Ƙa'idar da masu rubutun allo suke bi ita ce, kowane santimita 2 da rabi na tsawon harafi yana karantuwa sosai daga nisan mita 3. Wato idan kana son a karanta sunanka daga mita 10, haruffan su kai santimita 8 zuwa 10. To amma faɗin da ya rage maka bayan cire gefe da gefe santimita 75 ne, kuma harafi mai kauri mai tsawon santimita 10 yana cin faɗin kusan 8 zuwa 9, wato haruffa takwas ko tara ne kawai za su shiga layi ɗaya. Idan sunan sana'ar ya fi haka tsawo, a raba shi layi biyu, kada a matse haruffan ko a ja su su yi siriri. Lambar waya mai lambobi 11 tana shiga da kyau a tsawon santimita 7, kuma a raba ta gida uku, huɗu da uku da huɗu, domin ta fi sauƙin kwafewa. Babu rubutun da ya kamata ya gaza santimita 2 a kan bana. Ka auna haruffan da ma'aunin da ke gefen allon kwamfuta, kada ka dogara da yadda suka bayyana a ido.

Nau'in rubutu biyu sun isa, kuma su zama masu kauri marasa ado. Rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki ba ya karantuwa daga nesa.

Ga mai rubuta Hausa akwai wata matsala ta musamman, wato haruffa masu ƙugiya: ƙ, ɗ, ɓ. Nau'o'in rubutu da yawa ba su da su, kuma idan aka buga "Man Ƙuli" da irin waɗannan, ko dai a ga ɗan akwati a wurin Ƙ, ko kuma kwamfutar ta aro harafin daga wani nau'in, sai ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. A allon waya ba a cika lura da wannan ba, amma a bana harafin yana kai tsawon tafin hannu. Noto Sans da Andika suna da waɗannan haruffa duka, manya da ƙanana. Kafin ka zaɓi kowane nau'i, ka buga ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ a jere, ka faɗaɗa su ka duba kaurinsu.

Launi biyu ko uku sun wadatar, kuma a ɗauko su daga takardar da ke manne a jikin kayan, domin wanda ya sayi robar yaji ya gane rumfar idan ya dawo. Abin lura shi ne bambanci tsakanin rubutu da bango: fari ko rawaya a kan launi mai duhu, ko baƙi a kan fari ko rawaya. Ja a kan kore, ko rawaya a kan fari, suna ɓacewa a rana. Idan rumfar a fili take lokacin hunturu, farin bango yana nuna ƙura tun kwana na biyu, don haka mai yajin ta fi dacewa da jan bango mai duhu da farin rubutu.

Mataki na 5: Hoto

Hoto ɗaya babba ya fi ƙanana shida. A ɗauki kayan uku tare, a kan farin kwali ko tabarma mai tsabta, a inuwa kusa da ƙofa da hantsi, ba tare da filashi ba, bayan an goge gilashin kyamarar. Kada a kwaso hoton kayan wani daga intanet, domin ban da batun haƙƙin mai shi, mai saye zai kalli bana ya kalli tebur ya ga ba abu ɗaya ba ne.

Ana buga bana da kyau idan hoton yana da dpi 100 zuwa 150, wato ɗigo 100 zuwa 150 a kowane inci, a ainihin girmansa. Faɗin santimita 85 ya yi daidai da inci 33 da rabi, don haka hoton da zai cika faɗin banar yana buƙatar ɗigo 3,350 ko fiye a faɗinsa. Hoton waya mai megafiksel 12, idan an ɗauke shi a kwance, yana da ɗigo 4,000 a faɗi, wanda ya ba da kusan dpi 119, kuma wannan ya isa. Amma hoton nan idan aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, sau da yawa yana raguwa zuwa kusan ɗigo 1,600, wato ƙasa da dpi 50, kuma a nan ne ake samun banar da rubutun jikin roba ya dushe, gefen kwalba kuma ya fito da tsani-tsani. Maganin wannan shi ne a tura shi ta hanyar Document, ko ta imel, ko a filas. Haka ma tambari: a nemi asalin fayil daga wanda ya zana shi. Idan ya ɓata, gara a biya a sake zana shi da a ja ƙaramin hoton da ke kan shafin sada zumunta.

Mataki na 6: Gwaji da miƙa aiki ga mai ɗab'i

Kafin a kai aiki, akwai gwaji biyu masu arha. Na farko, ka buga dukkan zanen a takardar A4 a girman kashi ɗaya cikin goma, wato faɗin santimita 8 da rabi, ka manna a bango, ka tsaya a nisan mita 1. Abin da ka gani a nan shi ne abin da mai wucewa zai gani daga mita 10. Ka kira wanda bai san aikin ba, ka bar shi ya kalla na ɗan lokaci kaɗan, ka rufe takardar, sannan ka tambaye shi abin da ake sayarwa. Idan ya yi jim, to rubutu ya yi yawa ko ya yi ƙanƙanta. Na biyu, ka yanko wani ɓangare na hoton a ainihin girmansa ka buga a A4, domin ka ga ko zai fashe. Daga nan ka ba wani lambar wayar da ke kan zanen ya kira ta, yana karantawa daga takardar, ka ga ko wayarka ce za ta yi ƙara.

Allon waya da na kwamfuta suna nuna launi da tsarin RGB, injin ɗab'i kuwa da CMYK yake aiki, kuma launukan da suke haske a allo, musamman kore mai walƙiya da shuɗi, sukan dushe, shuɗin ma yakan karkata zuwa shunayya. A CorelDRAW ka saita takardar a CMYK tun farko. Idan ka gama, ka ajiye kwafi ɗaya da za a iya gyarawa, sannan a kwafi na biyu ka zaɓi dukkan rubutun ka danna Ctrl+Q, wanda yake mayar da haruffa su zama zane, ta yadda ƙugiyoyinsu ba za su sauya ba ko da kwamfutar shagon ba ta da nau'in rubutunka. Ka fitar da shi a PDF, domin fayil ɗin sabon CorelDRAW ba ya buɗewa a tsoho. Mai aiki da Canva ya sauke da zaɓin PDF Print, kuma ya sani cewa na kyauta RGB yake bayarwa, don haka ya nemi a buga masa ɗan yanki na gwaji ya ga launin kafin a buga duka.

Ka tambayi mai ɗab'in a kan wace irin leda zai buga. Fileks na yau da kullum ya fi arha, amma gefensa yana nannaɗewa bayan 'yan kwanaki, kuma idan haske yana bayansa ana ganin inuwar sandar ta tsakiya. Leda mai santsi mai toka-tokan baya, wadda aka yi don rol-of, ta fi tsayuwa a miƙe kuma ba ta barin haske ya ratsa. A zaɓi mara sheƙi, saboda mai sheƙi tana mayar da hasken fitila cikin ido. Ranar karɓa, kada ka karɓi banar a jaka. Ka sa a kafa ta a gabanka, ka duba ko ta miƙe, ko gindin ya ci rubutu, da kuma ko sifirin yana janye ta har ƙarshe.

Idan kuɗi ba su kai na rol-of ba, akwai bana mai sandunan da suka gitta a baya, wadda ta fi arha amma ta fi saurin faɗuwa, ko kuma a buga zanen a fileks a sa masa ƙawanya a kusurwoyi huɗu, a ɗaure shi tamau a jikin ƙarfen tanti. A fili mai iska, wannan na ƙarshen ya fi rol-of kwanciyar hankali.

Mataki na 7: Shimfiɗa da jeren tebur

Lissafin yadin mai sauƙi ne. Faɗin tebur 76 da tsawonsa daga ƙasa 74 sun ba da 150, yadi mai inci 60 kuwa santimita 152 ne, don haka zai rufe sama da gaba har ƙasa. A tsawo, 183 da gefe biyu masu 74 kowanne sun ba da 331, wanda yadi huɗu ya isar masa har da na kalmasa. Bayan teburin yana zama a buɗe, kuma a nan ƙarƙashi ake ɓoye kwalayen kaya, jaka da kwanon abinci. A goge yadin a naɗe shi a jikin sanda maimakon a ninke, sannan a kama kusurwoyinsa da fil don kada ya ja ƙasa a taka shi. Atamfa tana da kyau, amma zanenta yana haɗiye ƙananan kaya, kuma faɗinta ba ya kaiwa ƙasa. Wanda yake son ta, ya shimfiɗa siririn ƙyallenta a tsakiya a kan yadi mara zane.

Kayan da aka shimfiɗa a kwance ba a ganin su sai an zo dab da tebur, saboda haka ake yin hawa uku. A baya a ajiye kwalaye masu tsawon kamar santimita 30, a tsakiya masu 15, a lulluɓe su da wani yadin, gaba kuwa saman teburin ne kansa. Mai yajin za ta jera kwalaben man ƙuli a hawan baya inda tsawonsu zai fito, ledojin garin kunu a tsakiya a jingine suna fuskantar gaba, robobin yaji kuma a gaba inda hannu zai kai. Kowane iri ya zauna wuri ɗaya, guda biyar zuwa bakwai, takardar jikin kowanne tana kallon mai saye, sauran kuma a bar su a ƙarƙashi ana cikewa a hankali. Teburin da aka tula wa dukkan kaya yana hana ido zaɓa, kuma yana sauƙaƙa wa mai ɗan hali. A ɗan buɗe yajin a cikin ƙaramar ƙwarya a kan faifai domin a ga launinsa da laushinsa, a rufe shi da murfi mai gani-har-hanji saboda ƙura da ƙuda. Idan za a ba da ɗanɗano, a tanadi ƙananan cokulan roba da kwandon zuba waɗanda aka yi amfani da su. Man ƙuli kuwa kada a bar shi inda rana take duka kai tsaye.

Kowane kaya ya sami katin farashi a gabansa, da lambobi masu tsawon santimita 2 zuwa 3. Mutane da yawa suna jin nauyin tambayar kuɗi don kada su kasa saya, sai su wuce. A rubuta da maka a kan kati, domin a iya sauyawa idan farashi ya motsa a tsakiyar kasuwa.

A gefe ɗaya na gaba a bar fili kamar faɗin takardar A4 biyu, inda za a ƙulla kaya a karɓi kuɗi. A nan ake tsayar da katin lambar asusun banki da sunan da zai fito idan an tura kuɗi, tare da alamar QR da take buɗe WhatsApp na sana'ar. Ana haɗa alamar ne daga adireshi irin wannan, inda ake cire sifirin farko na lambar:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Faɗin alamar ya zama kashi ɗaya cikin goma na nisan da za a ɗauke ta, wato santimita 5 sun isa ga wanda yake tsaye a bakin tebur. A buga ta baƙa a kan fari, a bar farin fili kewaye da ita, a kuma gwada ta da wayoyi biyu daban. Akwatin kuɗi, na'urar POS da littafin rubuta lambobin masu sari su zauna ta bayan hawan ƙarshe, inda hannun baƙo ba ya kaiwa. Idan ba a samu tebur ba, faffaɗan katako a kan akwatunan lemo da aka jera aka ɗaure yana yin aikin, muddin yadi ya rufe shi har ƙasa.

Mataki na 8: Kafawa a ranar kasuwa

Kwana ɗaya kafin buɗewa, ka jera komai a gida kamar yadda zai kasance, ka ɗauki hotonsa, domin duk wanda zai tsare rumfar ya riƙa bin hoton kowace safiya.

Wajen kafa banar, ka juya ƙafafun gindin su fito, ka haɗa sandar ka zura ta a raminta har ta zauna. Ka tsaya ta baya, ka kama ƙarfen saman a tsakiyarsa, ka ja shi sama a hankali, idan tsawonka bai kai ba ka ɗan karkato da gindin zuwa gare ka, sannan ka maƙala shi a kan sandar. Jan sa ta gefe ɗaya yana sa ledar ta gogi bakin gindin ta tsage. Wajen saukewa kuma kada ka sake shi sifirin ya fizge shi, domin haka ne yake ɓalle ledar daga ƙarfenta. Ka raka shi da hannu har ya shige, bayan ka goge ƙurar da ɗanyen tsumma kuma ka bari ta bushe.

Wurin banar shi ne kusurwar gaba ta rumfa, a gefen tebur, a ɗan karkace tana fuskantar inda jama'a suke tahowa, ba tare da ta shiga hanya ba. Idan mutane daga ƙofar dama suke shigowa, a sa ta a kusurwar hagu tana kallon dama, ta yadda mai tahowa zai ga tebur da bana a kallo ɗaya, ita kuma ba ta tare masa kayan ba. A ɗora buhunan yashi a kan ƙafafunta, kuma idan iska ta yi ƙarfi a ɗaure saman sandar da ƙarfen tanti, ko a sauke ta har iskar ta lafa. Mai tsaron rumfa ya tsaya a ɗaya gefen teburin, kada ya ajiye kujerarsa a gaban bana. Idan kasuwar tana kaiwa dare kuma ba a tabbatar da wuta ba, fitila mai caji guda biyu sun isa, ɗaya tana haska saman banar daga gaba, ɗaya kuma a kan tebur. Bayan an gama jeren, ka fita ka tafi ƙarshen layin, ka taho a cikin jama'a kamar mai saye, ka gyara duk abin da ya tare sunan ko lambar wayar, sannan ka maimaita wannan zagayen da rana tsaka lokacin da cunkoso ya ƙaru da kuma bayan an kunna fitilu.